Abin da Shugaba Zai Rubuta wa Ƙaramin Ma'aikacin da Ya Isa Ƙarin Girma

Da zarar shekara ta doshi ƙarshe, akan ga wani fom yana yawo daga tebur zuwa tebur a ma'aikatun gwamnatin Nijeriya. Ma'aikata suna kiransa APER, wato rahoton auna ƙwazon ma'aikaci na shekara-shekara. Ma'aikacin da kansa yake cika shafukan farko: sunansa, matakin albashinsa, ranar da ya kama aiki, ayyukan da aka ɗora masa da abin da ya iya cimmawa. Daga nan sai ya miƙa wa shugaban da yake ƙarƙashinsa kai tsaye, shi kuma ya ba shi maki a kan abubuwa irin su sanin aiki, zuwa a kan lokaci, riƙon amana da zama da mutane. A can ƙasa akwai 'yan layuka da aka bari fili domin shugaban ya faɗi ra'ayinsa da kalmominsa, ya kuma bayyana ko ma'aikacin ya cancanci ƙarin girma.

Waɗannan 'yan layukan su ne aka fi wulaƙantawa a duk fom ɗin. Shugabanni da yawa sukan cika su cikin minti ɗaya, suna amsa waya da ɗaya hannun. Abin da ake rubutawa kusan iri ɗaya ne ko'ina: mai ƙwazo ne, mai biyayya ne, ya cancanta. Wanda ya kwana yana aiki da wanda ba a ganinsa sai ranar albashi, duk jumla ɗaya suke samu. Kuma wanda ake cuta a nan shi ne mai ƙwazon na gaskiya, domin shi kaɗai ne yake da abin da za a faɗa a kansa amma ba a faɗa ba.

Ba haka tsarin ya faro ba. A zamanin Turawa da shekarun farko na mulkin kai, rahoton sirri ake rubutawa. Shugaba ya rubuta abin da ya ga dama, a kulle a fayil, ma'aikaci ya yi shekara da shekaru a mataki ɗaya bai san abin da ya tare masa hanya ba. Kwamitin da Jerome Udoji ya jagoranta, wanda ya miƙa rahotonsa a 1974, shi ne ya ba da shawarar a koma rahoton fili, inda ma'aikaci zai karanta abin da aka rubuta a kansa ya sa hannu. Daga wannan kwamiti ne kuma aka samu matakan albashi daga 01 zuwa 17 da ake amfani da su har yau. Buɗe rahoton ya rage zalunci, amma ya haifi wata matsala ta daban. Tunda yaron zai gani, kuma gobe za a haɗu da shi a masallaci ko wurin ɗaurin aure, sai shugaba ya ji nauyin rubuta gaskiya. Mafi sauƙi a yabi kowa.

Kafin shugaba ya ɗauki biro, ya kamata ya san inda rubutunsa zai je. A ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya, ma'aikacin da ke mataki na 06 zuwa ƙasa, wanda shi ake kira ƙaramin ma'aikaci, sai ya yi aƙalla shekara 2 a matakinsa kafin a duba shi. Daga mataki na 07 zuwa 14 shekara 3 ce, daga 15 zuwa 17 kuwa shekara 4. Cika waɗannan shekaru ba ya nufin an samu. Yana nufin an isa a duba ne kawai. Dole a samu gurbi a matakin gaba, kuma kada ya kasance akwai wata tuhumar ladabtarwa da ba a kammala ba. Kwamitin ƙananan ma'aikata na cikin ma'aikatar shi ne yake zama a kan fayilolin masu mataki na 06 zuwa ƙasa, kuma mafi yawan mambobinsa ba su taɓa ganin yadda mutumin yake aiki ba. Abin da ke cikin fayil shi ne idonsu.

Ga waɗanda suke zama jarrabawar ƙarin girma, rabon makin da aka saba da shi a tarayya shi ne 70 ga jarrabawa ko ganawa, 20 ga rahoton shekara, 10 ga daɗewa a aiki, sannan ana bukatar 60 kafin a ce mutum ya haye. Wanda ya ci 38 a jarrabawa da 6 a daɗewa yana da 44. Idan rahotonsa ya ba shi 14, ya tsaya a 58, ya faɗi. Idan ya ba shi 17, ya kai 61, ya wuce. Tazarar maki uku ke nan tsakanin ƙarin albashi da jiran wata shekara, kuma makin yana fitowa ne daga hannun mutum ɗaya ko biyu.

A ɗauki misalin wani akawu a rajistar wata ma'aikata, yana mataki na 05, yana neman zama babban akawu a mataki na 06. Rajista ita ce ɗakin da ake karɓar wasiƙu, a yi musu hatimi, a shigar da su littafi, a sa su a fayil, a kuma lura da inda kowane fayil ya tafi. A ce wannan akawu ya cika shekara 2 a matakinsa. Shugabar sashen ta san shi ne yake fara buɗe ofis, ta san ba a taɓa ba shi takardar tuhuma ba, ta kuma san in an rasa fayil shi ake kira. A zuciyarta ba ta da shakka a kansa. Amma sharhinta na farko ya fito kamar haka: “Ma'aikaci ne mai ƙwazo da ladabi, yana zuwa aiki a kan lokaci. Ya cancanci ƙarin girma.”

Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Matsalar ita ce ɗan kwamitin da ya karanta fayil arba'in kafin wannan ya ga irin jumlar sau arba'in. Idan gurbi biyar ne kawai, ba shi da abin da zai bambanta wannan akawu da sauran, sai ya koma kan wanda ya fi daɗewa, ko kuma, Allah Ya kiyaye, wanda aka yi wa magana a kansa.

Da shugabar ta ɗan zauna da littafin shige da ficen fayiloli na rabin sa'a, ga irin abin da za ta iya rubutawa: “Shi ne yake kula da littafin wasiƙu masu shigowa da katin bin sawun fayil. A farkon shekara fayiloli 46 ne ba a san inda suke ba. Ya bi ofis-ofis ya gano 41, sauran 5 ya buɗe musu fayil na wucin gadi bisa izinina. Ya kawo shawarar duk mai ɗaukar fayil ya sa hannu da kwanan wata, kuma tun daga watan Mayu wasiƙar da ta shigo da safe tana isa teburin jami'in da ya dace kafin a tashi. Ya riƙe rajistar na tsawon mako shida lokacin da babban akawu yake hutun shekara, ya raba wa masinjoji biyu aiki, ba a kawo mini ƙorafi ba. Yana bukatar horo a kan adana bayanai a kwamfuta. Ya riga ya yi aikin mataki na 06 kuma ya iya, saboda haka ina ba da shawarar a ƙara masa girma a wannan zagaye.”

Alƙaluman na misali ne, amma tsarin shi ne abin lura. Jumlar farko ta faɗi aikin da aka ɗora masa, domin ba a auna mutum sai da ma'aunin aikinsa. Waɗanda suka biyo baya sun faɗi yadda ya tarar da abin da yadda ya bar shi, da adadi da wata, ta yadda duk mai shakka zai iya zuwa rajista ya buɗe littafi ya tabbatar. Ba a ce yana da ƙwazo ba ko sau ɗaya, amma babu mai karantawa da zai rasa ganin ƙwazon.

Jumlar mako shida ita ce mafi nauyi a duk sharhin, kuma ita ce shugabanni suka fi mantawa. Ƙwazo a matakin da mutum yake daban, isa ga matakin gaba daban. Akwai akawun da ba shi da na biyu wajen tsara fayil, amma in aka ce ya sa wani ya yi, sai ya kasa buɗe baki, ko kuma ya bi kowa da tsawa har aiki ya tsaya. Wani malamin ilimi ɗan Kanada, Laurence Peter, ya yi suna a 1969 da littafin da ya rubuta tare da Raymond Hull a kan wannan batu: ana ta ƙara wa mutum girma saboda ya iya aikin da yake yi, har a kai shi matakin da bai iya ba, a nan kuma zai zauna. Kwamitin ƙarin girma ba lada yake rabawa ba. Tambayar da ke gabansa ita ce ko wannan mutum zai iya ɗaukar nauyin da ke gaba. Don haka shugaban kirki yakan buɗe kundin tsarin aiki ya duba abin da aka ce mai mataki na gaba zai riƙa yi, sannan ya nemo lokutan da yaronsa ya taɓa yin irinsa: ya riƙe wuri a bayan wani, ya koya wa sabon ɗauka aiki, ya yanke shawara shi kaɗai kuma ta yi daidai, ko ya ga matsala tun kafin a nuna masa.

Idan shugaba ya duba bai samu ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, to laifin ba lallai na yaron ba ne. Sau da yawa ba a taɓa ba shi damar ba. Wanda yake son ƙarin girman na ƙasa da shi tun watan Janairu yake fara shirya masa, yana ɗora masa ɗan nauyi yana lura, ba sai fom ya zo ba.

Sai kuma jumlar da ta ambaci rauni. Shugabanni da yawa suna tsoronta, suna ganin duk abin da ba yabo ba zai rage wa yaro maki. Amma rahoton da ya nuna mutum ba shi da aibi ko ɗaya ba ya samun amincewa. Mai karatu yakan ɗauka ko dai shugaban bai san yaron ba, ko kuma ɗan gida ne. Abin da ake so shi ne a faɗi rauni na gaskiya wanda horo zai gyara, a kuma faɗi horon. Fom ɗin ma yana da wurin bukatun horo, kuma gwamnatin tarayya tana da cibiyoyin horar da ma'aikata a Kaduna, Maiduguri, Ilorin, Legas, Enugu da Kalaba, ban da kwalejin ASCON da ke Badagry. Rashin gogewa a kwamfuta irin wannan rauni ne. Rashin amana ko ƙaryar rashin lafiya ba irinsa ba ne, kuma wanda yake da su ba a rubuta masa cewa ya isa. Ba kuma a ƙirƙiro aibi don ado. Kalma ɗaya da aka jefa ba tare da tunani ba, kamar a ce “yana da saurin fushi”, tana iya bin mutum a fayil har ya yi ritaya.

Wani abin da yake lalata sharhi shi ne mantuwa. Shekara wata 12 ce, amma ƙwaƙwalwar shugaba ba ta cika wuce makonnin ƙarshe ba. Akawun da ya gano fayiloli 41 a watan Maris, in ya makara sau biyu a Nuwamba saboda jinyar mahaifiyarsa, makarar ce za ta tsaya wa shugaba a rai lokacin rubutu. Malalaci kuma da ya san da haka yakan dage da zuwa da sassafe da zarar ya ji ƙamshin fom. Maganin ba shi da tsada: ƙaramin littafi a aljihun tebur, shafi ɗaya ga kowane ma'aikaci, a riƙa rubuta layi ɗaya duk lokacin da wani abu ya faru, mai kyau ko maras kyau, da kwanan watansa. Shugaban da yake da wannan littafi ba ya zama yana cizon biro a ƙarshen shekara.

Akwai kuma ruɗin da hali ɗaya yake jawowa. Masanin halayyar ɗan Adam Edward Thorndike ya nuna a 1920 cewa hafsoshin sojan Amurka, in suka ga wani na ƙasa da su yana da siffa ɗaya da ta burge su, sai su ba shi maki mai yawa a komai, har da abin da ba shi da alaƙa da ita. A ofisoshinmu siffar da ta fi yin wannan aiki ita ce ladabi. Yaron da yake durƙusawa ya gaishe da maigida, ya karɓi jakarsa tun daga mota, yakan samu maki mafi girma hatta a sanin aiki, alhali mai shiru-shirun da ke kusurwa, wanda shi ne yake riƙe da sashen, yana samun matsakaici. Ladabi abu ne mai kyau kuma yana da layinsa a fom. A ba shi makinsa a can, a bar sauran layukan su auna abin da aka yi su domin shi.

Dole kuma kalmomi su yi daidai da maki. Akan ga fom ɗin da aka ba mutum matsakaici a kusan kowane layi, sannan a ƙasa aka rubuta cewa babu kamarsa a sashen. Akan ga akasin haka: maki mafi girma daga sama har ƙasa, sharhi kuwa kalma uku. Jami'i na biyu da yake sa hannu bayan shugaba, wanda galibi ya fi shi muƙami, aikinsa ke nan ya lura da irin wannan saɓani. Idan da gaske yake aikinsa, zai mayar da fom ɗin a gyara.

Ba komai ne yake shiga sharhi ba. Cewa ma'aikaci yana da 'ya'ya da yawa, ko maraya ne, ko haya ta yi masa nauyi, duk gaskiya ne da ke taɓa zuciya, amma rubuta su yana mayar da haƙƙi ya koma roƙo. Garinsu, addininsa da gidan da ya fito ba su da wuri. Ga ma'aikaciya mace, bai dace a ambaci hutun haihuwa a matsayin naƙasu ba, tunda haƙƙinta ne a ƙa'idar aiki. Akwai ma wata ɗabi'a da ya kamata a kula da ita: in an zo kan mace sai a cika layin da “mai haƙuri ce, mai kamun kai ce”, a manta da rubuta aikin da ta yi. Ita ma fayilolin da ta gano da makonnin da ta riƙe ofis su ne za su tsaya mata a gaban kwamiti.

Mafi munin abin da ake yi, kuma ya zama ruwan dare, shi ne shugaba ya miƙa wa yaro fom ya ce, “Malam, je ka cika nawa ɓangaren, ka kawo in sa hannu.” Yana ganin alheri ya yi. Amma mai kunya zai rage wa kansa, maras kunya zai cika wa kansa, kuma sa hannun shugaban ya tashi daga shaida ya koma hatimi kawai. Wannan ya bambanta da a nemi ma'aikaci ya kawo jerin abin da ya yi a shekara, wanda abu ne mai kyau. Ya kawo hujja, shugaba ya tantance, ya yanke hukunci da hannunsa.

Bayan rubutu sai zama. Tunda rahoton na fili ne, ya kamata a kira ma'aikacin a rufe ƙofa, a karanta masa, a ji ta bakinsa kafin ya sa hannu. A irin wannan zama ne akawu zai iya cewa, “Ranki ya daɗe, ba a sa maganar tsofaffin fayilolin fansho da muka tsara a watan Yuli ba,” ita kuma ta tuna ta ƙara. A nan ne kuma ya kamata shugabar ta gaya masa iyakar ikonta: shawara take bayarwa, ba ita ke ƙara girma ba, kuma in babu gurbi bana, sharhin yana nan a fayil zai yi masa amfani baɗi. Alkawarin da ba a da ikon cikawa ya kashe wa ma'aikata masu ƙwazo da yawa gwiwa. Idan kuwa ma'aikaci bai yarda da abin da aka rubuta ba, yana da damar bayyana ƙin yardarsa a rubuce.

Turanci ma yana da hannu a cikin lalacewar sharhi. Da shi ake cika fom, kuma shugaban da bai sake da shi ba yakan fake a bayan jumloli uku da ya haddace tun yana ƙaramin ma'aikaci. Ba a bukatar manyan kalmomi. Wanda ya iya rubuta abin da aka yi, nawa ne, a wane wata, da abin da ya canja, ya rubuta sharhin da ya fi na mai ƙamus.

Gwamnatin tarayya ta daɗe da gane cewa APER ya zama al'ada kawai. A ƙarƙashin shirin gyaran aikin gwamnati na 2021 zuwa 2025, wanda aka fara lokacin da Folasade Yemi-Esan take shugabar ma'aikata, an ɗauki hanyar maye gurbinsa da tsarin PMS, inda shugaba da ma'aikaci suke amincewa tun farkon shekara a kan abin da za a cimma da yadda za a auna shi, a kuma riƙa dubawa lokaci-lokaci maimakon sau ɗaya. Bankuna da manyan kamfanoni sun riga gwamnati bin irin wannan hanya. Sabon tsarin yana sauƙaƙa wa mai son rubuta gaskiya, domin ma'aunin yana nan a rubuce tun Janairu. Sai dai shi ma yana da wurin da shugaba zai faɗi ra'ayinsa, kuma hannun da ya saba da jumla uku zai iya zuba su a kwamfuta kamar yadda yake zuba su a takarda.

Duk shugaban da yake da yaro irin wannan akawu a ƙarƙashinsa, kafin ya taɓa fom ɗin bana, ya buɗe littattafan sashensa ya fitar da ayyuka uku da yaron ya yi, da watanninsu da adadinsu, da kuma lokaci ɗaya da ya ɗauki nauyin da ya fi matakinsa. Su zai rubuta, ya ƙara horon da yake bukata, sannan ya faɗi shawararsa a fili.